Littafin aiki: amfuli na taranzisto ɗaya da rezistans a ƙafar S

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Kawu yana da wani babban amfuli a shagonsa na gyaran rediyo da ke Wadata a Yamai, wanda yake bayarwa haya in ana biki ko wa'azi. Mashigarsa ta makirfo ta mutu tun bara, saura mashigar AUX, ita kuwa makirfo ba ya iya cika ta, sai an murɗa ƙara har ƙarshe kafin a ji mutum. Na ce masa zan haɗa ƙaramin amfuli da zai shiga tsakani, ya ninka siginar aƙalla sau 10. Da haka na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, don Malam ya yarda in kawo shi a matsayin aikina na wannan zango a lakwal.

Tsarin shi ne wanda muke kira sus komin: sigina ta shiga ta ƙafar G, ta fita ta ƙafar D. Taranzisto 2N7000 na samu, guda uku, na sa musu A, B, C da farin fenti. Na san an yi shi ne don kunnawa da kashewa, ba don sauti ba, amma shi ke kasuwa. Sauran kayan: tansiyon 12 V, RD na 4.7 kΩ daga 12 V zuwa D, RS na 1 kΩ daga S zuwa mas, wato layin 0 V, sai rezistans biyu masu raba tansiyon don ƙafar G, 1 MΩ a sama, 330 kΩ a ƙasa. A takarda G za ta zauna kan 2.98 V.

Yau dai ban samu komai ba. D ta tsaya kan 2.6 V, S kan 2.0 V, sigina ba ta wucewa. Sai dab da magariba na lura na juya taranziston. Na saba da BS170, wanda ƙafafunsa suke a juye da na wannan. 2N7000 in ka fuskanci gefensa mai faɗi, ƙafafu ƙasa, daga hagu S ne, G, sannan D. In an juya shi, diyod ɗin da ke cikinsa tsakanin S da D ke ɗaukar kuran, shi ya sa bambancin ya zama 0.6 V cif.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Da na gyara, taranzisto A ya zauna daidai: S kan 0.98 V, wato kuran kusan 1 mA, D kan 7.4 V. Mita ta nuna mini 2.91 V a G maimakon 2.98, na ɗan tsorata, sai na tuna ita kanta mitar tana da 10 MΩ a ciki, kuma maraba tansiyon ɗin nawa 248 kΩ ne in aka dube shi daga G. Mitar ce ke jan sa ƙasa.

Aikin yau shi ne auna gm. Duk lissafin ƙaramar sigina a kanta ya rataya: in tansiyon tsakanin G da S ya motsa kaɗan, nawa kuran na D zai motsa? Takardar masana'anta ba ta taimaka ba, don gm ɗin da ta bayar na kuran mai yawa ne, ɗaruruwan mA, ni kuwa a 1 mA nake aiki. Sai na haɗa S kai tsaye da mas, na sa potansiyometa a G. Matsalar ita ce mitata in ta wuce 1.999 V sai ta koma tsalle goma-goma na mV, abin da nake son aunawa kuma 20 mV ne kacal. Kawu ne ya ba ni dabara, yana tsaka da buɗe wata rediyo ko ɗaga kai bai yi ba: “Ka kafa wani 2 V a gefe wanda ba ya motsi, ɗana, ka sa mitar tsakaninsu a ma'aunin 200 mV.” Haka na yi. A 10 mV ƙasa da 2 V kuran ya zo 0.90 mA, a 10 mV sama ya zo 1.10 mA. Bambancin 0.20 mA a kan 20 mV, gm = 10 mS ke nan.

Na yi wa B da C irin wannan awo, kowanne a kuran ɗin da yake zama a cikin haɗin. B yana buɗewa da wuri, yana jan 1.23 mA, gm ɗinsa 13 mS. C yana da nauyin jiki, 0.78 mA, 8 mS. Leda ɗaya, lamba ɗaya, hali uku. Ba algus ba ne, takardar da kanta ta ce tansiyon ɗin buɗewa yana iya faɗowa ko'ina daga 0.8 zuwa 3 V.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na zauna na fitar da lissafin da hannuna, don wanda na haddace a aji ya sha kuɓuce mini a jarrabawa.

A duniyar ƙaramar sigina, layin 12 V ba ya motsi, saboda haka mas ne. Kondansater kuma waya ce. Taranzisto ya zama maɓuɓɓugar kuran kawai, id = gm·vgs. In babu RS, duk abin da ka zuba a G shi ne vgs. Amma da RS a wurin, wannan kuran ɗin da ya sauko ta D dole ya fita ta S ya bi ta cikinta, sai ƙafar S ta ɗaga da id·RS. Ka ɗaga G, S ta biyo ta a baya, abin da ya rage tsakaninsu shi kaɗai taranzisto ke ji.

```
vgs = vin - id*RS
id  = gm*vin / (1 + gm*RS)
Av  = -RD / (1/gm + RS)
```

Layi na ukun nan shi ne ya zauna mini a kai. Ninki shi ne abin da ke saman taranzisto a raba da abin da ke ƙasansa, kuma a ƙasan akwai abu biyu a jere: RS da na saya na sa da hannuna, da 1/gm wadda take ta taranziston ce. Ga A, 1/gm 100 Ω ce, ga B 77 Ω, ga C 125 Ω. Wannan ta biyun ce ke sauyawa daga taranzisto zuwa taranzisto, take kuma bin kuran da zafi. RS ba ta san da su ba. Saboda haka duk tambayar ita ce wacce ta fi nauyi a cikin jimillar.

Alamar ragi kuma tana nufin fitar tana juye: G ta hau, kuran ya ƙaru, RD ta ci tansiyon da yawa, D ta sauka.

Talata, 15 ga Afrilu

An ba ni awa biyu a labo, da osilo da GBF, na'urar da ke fitar da siginar gwaji. Sigina 1 kHz, 10 mV, babu komai a jone da mafita.

Da RS 1 kΩ a buɗe, lissafi ya ce 4700/1100 = 4.27 ga A. Osilo ya ba ni kusan 4.25. Na zare A na cusa B, 4.3 da ɗoriya. C, kusan 4.2. Da ƙyar ma ake ganin bambancin a fuskar osilo. Sannan na ɗauko kondansater 100 µF na ɗora a kan RS, ta yadda sigina za ta tsallake ta, kuran na zama kawai ke bi ta ciki. Nan take layin ya fice daga fuska, sai da na rage ma'auni. A ya ba da 45, B kusan 58, C 36.

To ga ciniki a fili. Can 4 ne, amma kowa 4. Nan daga 36 zuwa 58, sai abin da ka tsinta a leda. Ni kuma 10 nake nema.

A ya kamata ya ba da 47, ya ba da 45. Na tambayi Malam, ya ce in tuna ro, wato taranzisto ba cikakkiyar maɓuɓɓugar kuran ba ce, kuran ɗinsa yana ɗan bin tansiyon na D. In na ɗora wa ro dukan giɓin, tana fitowa wajen 100 kΩ, don 4.7 kΩ a gefen 100 kΩ 4.49 kΩ ce. Ban rantse a kan wannan adadi ba, kuskure kaɗan a awon gm zai iya haifar da giɓi iri ɗaya. Na riƙe shi ne don lissafi.

Ya kuma tambaye ni ina gmb, wato tasirin jikin taranziston a kan kuran. Na ce babu. A 2N7000 jikin taranziston a haɗe yake da ƙafar S tun daga ciki, duk inda S ta je tare suke tafiya. A cikin IC, inda jikin yake a mas, ɗagawar S tana ƙara tansiyon ɗin buɗewa, sai (gm + gmb)·RS ta shigo ƙasan lissafin. Ya gyaɗa kai ya wuce teburi na gaba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na raba RS gida biyu: 180 Ω a sama, a buɗe, 820 Ω a ƙasa da kondansater a kanta. Jimillar 1 kΩ ce har yanzu, don haka wurin zaman taranzisto bai motsa ba, amma sigina 180 Ω kaɗai take gani. Lissafi 4700/280 = 16.8. Kafin in taɓa allo na gwada samfurin a LTspice tare da ro:

```
* CS + RS
Vin g 0 AC 1
G1 d s g s 10m
Ro d s 100k
RD d 0 4.7k
RS s 0 180
.ac dec 20 10 100k
.end
```

V(d) ta fito 16.5, a juye. A allo ma na auna 16.5. A nan ro ta ci ƙasa da kashi 2 cikin ɗari, alhali ranar Talata ta ci fiye da 4. Dalilin shi ne RS tana kumbura ta: in ka leƙa taranziston ta ƙafar D, abin da kake gani ro·(1 + gm·RS) + RS ne, wajen 280 kΩ.

Na ɗauka na gama har da rara. Da la'asar na kai shago muka jona da babban amfuli, na auna da ƙaramin osilo na aro, sai ga 11.3. Na yi ta taɓa wayoyi ina neman wadda ta saki. Babu. Mashigar AUX ɗin 10 kΩ ce, kuma ga sigina tana gefe ɗaya da RD. Abin da ke saman taranzisto yanzu 3.2 kΩ ne, ba 4.7 ba, 3200/280 kuwa 11.4. Ni na manta da nauyin a lissafi.

A nan na gane wani kuskuren fahimta da na daɗe da shi. Na sha karanta cewa RS tana ƙara rezistans na mafita, sai na zaci tana nufin amfulin gaba ɗaya. A'a, ta taranziston take ƙarawa. Mai jona waya a mafita RD yake gani a gefen waccan 280 kΩ, wato kusan 4.6 kΩ, da RS da babu RS kusan duk ɗaya. Saukar da na gani ma shaida ce: 11.3 a kan 16.5 kusan 0.68 ne, daidai da 10/(10 + 4.6).

Da nauyi a jone, B ya ba da 12 da kaɗan, C ya ba da 10 da kaɗan. Dukansu sun haye 10. Da na zaɓi 220 Ω, C zai faɗi ƙasa, 3200/345 bai kai 9.5 ba. Sa'a ce ta ba ni 180, don ita ce ke cike 820 su yi dubu.

Laraba, 23 ga Afrilu

Wannan ranar ce na fi jin daɗinta. Ina son in ga da idona inda kalmar “ƙarama” take ƙarewa.

Na mayar da haɗin yadda duk RS take ƙarƙashin kondansater, babu nauyi, na ɗaga sigina zuwa 50 mV a ƙololuwa. Kallon farko lafiya lau. Sai da na sa layukan awo na ga ƙwarin ya nutse wajen 2.5 V ƙasa da tsakiya, tudun kuwa bai wuce 2 V ba, kuma ya yi faɗi kamar an danne shi da tafin hannu. Babu inda ya bugi 12 V ko mas. Lanƙwasar taranziston ce da kanta.

Ga yadda na lissafa. In aka ɗauki dokar murabba'i, kuran yana bin (VGS − Vth)², inda Vth shi ne tansiyon ɗin buɗewa, kuma Vov, ratar da ke sama da Vth, ita ce 2·ID/gm, wato 0.2 V a wurina. Ƙara 50 mV, rata ta zama 0.25, kuran ya hau 1.56 mA. Rage 50 mV, rata 0.15, kuran ya sauka 0.56 mA. Hawa 0.56, sauka 0.44. A kan 4.7 kΩ wannan 2.6 V ne da 2.1 V, ro ta ɗan rage su, ga abin da na gani. Layin id = gm·vgs ya ɗauka hawa da sauka ɗaya ne, gaskiya ne kuwa muddin vgs ta yi ƙasa sosai da waccan 0.2 V. Rubu'inta ba ƙarama ba ce. Gurɓatar da ke fitowa a ninki biyu na sautin ana kimanta ta da vgs/(4·Vov), a nan kashi 6 cikin ɗari da ɗan kai.

Na dawo da 180 Ω. Da 50 mV ɗin nan dai, vgs ta koma 50/2.8, kusan 18 mV, ban iya raba tudu da ƙwari a osilo ba. Amma wannan ba adalci ba ne, tun da fitar ma ta ragu zuwa 0.8 V. Sai na ɗaga shigar zuwa 140 mV don fitar ta dawo girmanta na ɗazu. Yanzu vgs ta sake zama wajen 50 mV, ina jiran in ga lanƙwasa iri ɗaya, sai ga 2.4 V ƙasa, 2.2 V sama. Giɓin ya ragu kusan sau uku.

Na daɗe ina kallon wannan kafin ya shige ni. Lokacin da taranzisto ya so ya zarce a hawa, ƙarin kuran ɗin yana bi ta RS, S ta ƙara ɗagawa, vgs ta matse. Lokacin da ya yi kasala a sauka, S ba ta sauka yadda ya kamata ba, sai vgs ta ƙara raguwa ta tura shi. Kenan ita vgs ɗin ce ke lanƙwashewa ta ɗaya gefen don kuran ya miƙe. A shiga iri ɗaya gurɓatar tana raguwa da (1 + gm·RS)², kusan sau 8. A fita iri ɗaya sau 2.8 ne kawai. Na biyun nan shi ne abin da na saya da ninkin da na zubar, kuma shi zan rubuta a rahoto.

Asabar, 26 ga Afrilu

Zafin Yamai ya kai inda ya kai, kwanon shagon ba ya taɓuwa da azahar, kuran kuma ya ɗauke tun hantsi. Na jona allon da batir na yi gwajin zafi, tun da shi ba ya bukatar osilo.

Ƙarfen liƙi na gas na kusantar da taranziston, ban taɓa shi ba. D ta sauka daga 7.4 V zuwa 7.2 V ta tsaya. Sai na cire RS gaba ɗaya, S a mas, na daidaita G da potansiyometa har D ta dawo 7.4 V, na sake kusantar da ƙarfen daidai wancan nisa. Lambobin suka fara gangarawa, 6.5, 5.8, har ƙasa da 5 kafin in janye hannu. Zafi yana rage Vth, a ƙaramin kuran irin wannan kuwa raguwar Vth ita ke rinjaye. In ta ragu da 50 mV, daidai yake da an zuba 50 mV a G, kuma sannu a hankali take zuwa, kondansater ba ta ganinta. Saboda haka dukan 1 kΩ ke tare ta, a raba da 11, ba da 2.8 ba. Shi ya sa ban yarda in zubar da 820 Ω in rage tansiyon na G ba, ko da yake da hakan kayan sun ragu biyu.

Juma'a, 2 ga Mayu

Na liƙa komai a ƙaramin allo ranar Laraba. Kondansater 100 µF ta yi girma ga akwatin, sai na sa 10 µF, na lissafa 1/(2π·820·10 µF) ya ba ni 19 Hz, na ce ya wadatar. Jiya Kawu ya yi magana a makirfo, ya ce muryarsa ta ɗan rame.

Yau da safe na bi mitar sautin a labo daga sama zuwa ƙasa. A 1 kHz 11.3. A 70 Hz ya sauka 8. A 50 Hz bai kai 7 ba. Kenan gwiwar tana wajen 70, ba 19 ba.

Kuskuren shi ne na ɗauka kondansater 820 Ω kaɗai take gani. In ka tsaya a wurinta, ƙasa akwai 820, amma sama ma akwai hanya: 180 Ω, sannan ƙafar S, wadda in aka shige ta daga ƙasa 1/gm ce, 100 Ω. Hanyoyin biyu a gefen juna suke, 820 da 280, wato 209 Ω, kuma 10 µF a kan 209 Ω 76 Hz ne. Ita 19 Hz da na lissafa tana nan, amma wani abu ce daban: wurin da saukar take tsayawa, ninki ya kwanta kusa da 3200/1100, wajen 2.9. Saboda wannan kwanciyar ce ma awon ya nuna 70 maimakon 76.

Bayan sallar Juma'a na koma shago da kondansater biyu a aljihu, 47 µF da 100 µF. Na gaya wa Kawu da 47 gwiwar za ta sauka wajen 16 Hz. Ya ce to ƙugin 50 Hz da doguwar wayar makirfo ke kwasowa fa? Gaskiyarsa, ƙaramar tana rage shi da kusan kashi 40 cikin ɗari. Muka gwada 47, murya ta ɗan cika, ƙugin ma ya fito. Muka mayar da 10, ya sake cewa “Assalamu alaikum, gwaji, gwaji” sau uku yana karkata kunne wajen lasifika. Ya ce a bar 10 don wa'azi, in masu kiɗa suka zo haya a sauya.

Zan sa ɗan makunni a gefen akwatin da zai ƙara 47 µF a kan ta 10. Saura kuma wani huci siriri da ake ji in an yi shiru. Ina zargin taranziston ne da kansa. Ranar Litinin zan haɗa mashigar da mas in auna abin da ke fita, A da B da C ɗaya bayan ɗaya.